Saye 1,480, sayarwa 1,520: wa ke biyan naira arba'in ɗin da ke tsakani?

Sadiq_Fagge
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk wanda ya tambayi farashin dala a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, amsa biyu ake ba shi, ta saye daban, ta sayarwa daban. A ɗauka an ce saye 1,480, sayarwa 1,520. Wanne ne farashin dala na gaskiya a cikin biyun? Sannan wannan naira 40 da ke tsakani, idan mutum ya canza kuɗi sau ɗaya tak, duka ya biya ko wani ɓangare? Ina so in san yadda ake lissafin abin da canji ya ci, domin ba a rubuta shi a ko'ina.

Nura_Akanta
Wa alaikumus salam. Fara da gane cewa kalmomin biyu daga bakin ɗan canji suke, ba daga bakinka ba. Saye na nufin farashin da shi zai sayi dalarka, sayarwa kuma farashin da shi zai sayar maka. Saboda haka idan dala ce a hannunka kana son naira, 1,480 ne naka. Idan naira ce a hannunka kana son dala, 1,520 ne naka. Ko ta wane ɓangare ka zo, lambar da ba ta yi maka daɗi ba ita ce taka.

Babu ɗaya cikin biyun da za a ce shi ne farashin dala. Wanda ake awo da shi shi ne na tsakiya: ka haɗa biyun ka raba biyu, ya ba ka 1,500. Ba wanda zai canza maka a 1,500, amma daga nan ake auna nisan kowane ciniki. Mai sayen dala a 1,520 ya biya naira 20 sama da tsakiya a kan kowace dala. Mai sayarwa a 1,480 ya karɓi naira 20 ƙasa da tsakiya. To canji ɗaya rabin tazarar yake ci, wato naira 20 cikin 1,500, kashi 1.33 cikin ɗari. Sai wanda ya shiga ya kuma fito ne yake biyan 40 ɗin cif.

Ga shi da kuɗi. Mutum ya kawo naira 3,040,000 ya sayi dala 2,000. Tafiyar da ya yi niyya ta fasu, ya mayar da dalar ga mutumin da ya saya a wurinsa, farashi bai motsa ko kwabo ba. Za a ba shi 2,000 sau 1,480, wato naira 2,960,000. Naira 80,000 ta tafi, kuma ba a cire masa komai da sunan la'ada ba. Dubu arba'in ta tafi tun ranar da ya saya, ko da yake bai ji ba, sauran dubu arba'in ɗin ranar da ya mayar.

Auwal_Kwari
To ai magana ta fito. Ɗan canji na cin naira 40 a kan kowace dala ɗaya yana zaune a kan benci. Wanda ya juya dala 20,000 a rana ya tashi da dubu ɗari takwas ke nan. Mu da ke yadi sai mun sauke dila, mun biya ɗan dako, mun biya haya, kafin mu ga irin wannan. Ni a ganina tazarar ta yi yawa, kuma da ma ita ce ta sa gwamnati ta haɗe farashi a 2023.

Baba_Wapa
Auwal ɗana, lissafinka ya yi daidai a takarda, amma a kasuwa ba haka abin yake tafiya ba. Ana samun 40 ɗin ne idan mai sayarwa ya zo da dala 1,000, sannan mai saye ya zo neman dala 1,000 kafin farashi ya motsa. Yawancin ranaku ba a daidaita haka. Masu nema sun fi masu kawowa, sai ka je wurin wani babba ka ɗauko a 1,512 ka ba mai saye a 1,520. Naira 8 ke nan, kuma idan yaro ne ya kawo maka mutumin daga bakin titi, sai ka ba shi 2 ko 3 daga ciki. Mai dala 20,000 ɗin da ka ambata kuwa ba zai taɓa yarda da farashin da ake faɗa wa mai dala 100 ba. Zai kira mutum huɗu kafin ya tsaya, a ƙarshe naira 3 ko 5 za ka gani a kan kowace ɗaya.

Sannan akwai kwana da kaya. Ka sayi dala 10,000 da yamma a 1,480, ka kashe naira 14,800,000. Gari ya waye kasuwa ta sauko da naira 50, sayarwa ta koma 1,470. Ko ka sami mai ɗauke su duka nan take, 14,700,000 za ka karɓa, ka yi asarar dubu ɗari. Tazarar ita ce abin da ke tare irin wannan faɗuwar, shi ya sa take buɗewa idan kasuwa na rawa, take matsewa idan ta kwanta. A Fabrairun 2024 dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya riƙe kaya a tsakanin nan, ba wata naira 40 da ta cece shi. A irin waɗannan makonni za ka tambayi mutum farashin saye ya ce maka yau ba ya saye, ko ya faɗi lambar da ya san ba za ka yarda ba.

Nura_Akanta
@Auwal_Kwari, a maganar 2023 ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Abin da Babban Bankin Najeriya ya yi a watan Yunin 2023 shi ne haɗe tagogin canji na hukuma da barin farashin ya bi kasuwa. Giɓin da ake kuka da shi a lokacin tsakanin kasuwa biyu yake: hukuma na ba da dala a wajen naira 460, bayan fage tana wajen 750. Wanda ya sami dala a farashin hukuma ya kai ta bayan fage ya ci kusan naira 300 a kan kowace ɗaya ba tare da ya yi komai ba. Abin da Sadiq ke tambaya kuwa tazara ce a cikin kasuwa ɗaya, a hannun mutum ɗaya, a lokaci ɗaya. Ko babu kasuwar bayan fage sam tana nan, a bankin London ma akwai ta.

Inda kake da gaskiya shi ne hukuma ta sha ƙoƙarin sa mata iyaka. A Agustan 2023 Babban Banki ya ce kamfanonin canji masu lasisi su tsaya tsakanin kashi 2.5 ƙasa da kashi 2.5 sama da matsakaicin farashin kasuwar hukuma na ranar da ta gabata. A Fabrairun 2024 da ya sayar wa kowane kamfani dala 20,000 a kan 1,301, sharaɗin shi ne kada su ɗora fiye da kashi 1 cikin ɗari.

Auwal_Kwari
Na ji bambancin. Amma idan Babban Banki da kansa ya ga kashi 1 ya isa, me ya sa a titi ake ganin kusan kashi 3? Har yanzu ina nan a kan bakana, akwai son kai a ciki.

Baba_Wapa
Wancan kashi 1 ɗin a kan dalar da banki ya ba ka ne a farashin da ka riga ka sani, ga masu saye sun yi layi. Ba haɗarin kwana da kaya a ciki. Kuma ka lura, kashi 1 ɗin ɓangare ɗaya ne, na sayarwa kawai. Misalin Sadiq a ɓangare ɗaya 1.33 ne kamar yadda Nura ya nuna, ba 3 ba. Ban ce babu masu tsawwalawa ba, musamman idan sun ga baƙo ko mai gaggawa. Akwai su, kuma maganinsu tambayar mutum uku.

Hajiya_Rabi_Zariya
Ni tambayata ta masu tafiya Umara ce. Wanda ke da naira miliyan ɗaya da rabi na guzuri, ya sayi riyal tun daga gida ko ya sayi dala ya canza a can? Bisa bayanin Malam Nura kowane canji yana cin rabin tazara, to ai canji ɗaya ya fi biyu sauƙi. Haka nake ba mata 'yan'uwana shawara, su sayi riyal kai tsaye su huta.

Sarrafi_Jidda
Hajiya, barka da war haka. Ƙidaya yawan canji kaɗai ba ta isa ba, sai an duba faɗin kowanne. Riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka mai canji a Makka ko Madina ba ya tsoron kwana da dala, tazararsa siririya ce ƙwarai. Riyal a Kano kuwa kaya ne na lokaci. Ana nemanta kafin Ramadan da aikin Hajji, sauran watanni tana kwance, to mai riƙe da ita dole ya faɗaɗa tazara.

Mu yi amfani da lambobin Sadiq. Tsakiyar dala 1,500 ce, a raba da 3.75, tsakiyar riyal ta zama naira 400. Mai naira 1,520,000, da babu tazara ko kaɗan, riyal 3,800 zai samu. Wannan ne ma'auninmu.

Hanya ta farko, ya sayi riyal a gida. A ɗauka an sayar masa a 415. Naira 1,520,000 a raba da 415 ta ba da riyal 3,662 da 'yan kai. Ya rasa kusan riyal 138, kashi 3.6 cikin ɗari.

Hanya ta biyu, ya sayi dala 1,000 a 1,520, ya kai wa mai canji a Makka ya saya a 3.72. Ya karɓi riyal 3,720. Ya rasa riyal 80, kashi 2.1. Canji biyu ya yi, amma ya fi mai canji ɗaya da kusan riyal 58.

Sai dai abin na iya juyewa. Idan ya sauka da dare ya canza a teburin otal aka ba shi 3.60, riyal 3,600 ke nan, wanda ya saya a gida ya fi shi. A wannan misalin iyakar tana wajen 3.66: sama da haka hanyar dala ta fi, ƙasa da haka riyal ta gida ta fi. Kafin a yanke shawara a ɗauki farashin sayar da dala na ranar, a raba da 3.72 ko abin da aka ji ana saye a can, a kwatanta da farashin riyal da ɗan canji ya faɗa. A nan 1,520 a raba da 3.72 ya ba da 408.6. Duk riyal da aka sayar sama da haka a gida ta fi tsada.

Hajiya_Rabi_Zariya
Madalla da wannan lissafi, Allah ya saka. Amma tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta san inda shagon canji yake ba, riyal 58 ba ta kai wahalar yawo da dala a cikin cunkoso ba. Ga kuɗin mota da abinci na ranar farko da ba za a biya da dala ba. Ga irinta ni dai ina ganin riyal ta gida ta fi kwanciyar hankali.

Sarrafi_Jidda
Wannan uzuri ne mai ƙarfi. Ana iya rabawa: riyal 300 zuwa 500 daga gida don kwana biyun farko, sauran a dala. Abin da ya fi cin mutane ma ba wajen tafiya yake ba, wajen dawowa ne. Wanda ya canza duka ya dawo da ragowar riyal bayan lokaci ya wuce, zai tarar kowa na kawowa ba mai nema, sai a saya a hannunsa a 385 ko ƙasa. Wanda ya saya a 415 ya sayar a 385 ya bar naira 30 a kan kowace riyal, sama da kashi 7 cikin ɗari. A canza dala ɗari biyu ko uku a lokaci guda gwargwadon buƙata, abin da ya rage ya dawo gida a dalarsa.

Baba_Wapa
Ƙari a kan maganar dala: farashin da ake faɗa na takardar 100 ce, sabuwa mai shuɗin zare da aka fara fitarwa a 2013, wani lokaci da ta 50. Idan ka kawo 20, 10, 5 ko 1 za a rage maka. Haka tsohuwar 100 mai ƙaramin kai, da wadda ta yage, ta sha tawada ko aka buga mata hatimi. A Amurka duk kuɗi ne masu aiki ba bambanci, amma a nan wanda ya karɓa zai sha wahalar fitar da su, shi ya sa yake cire wahalarsa tun farko. Idan kana sayen dala don tafiya, duba kowace takarda a gaban mai ba ka. Wanda ya sayar maka da tsohuwa a farashin sabuwa ya ci tazara biyu a kanka, ɗaya yau, ɗaya ranar da za ka canza ta.

Musa_Keke
Don Allah dala nawa take yau? Kuma za ta sauka kafin Sallah ko in saya yanzu?

Nura_Akanta
Malam Musa, lambobin da ke zauren nan duk misali ne don lissafi, kada ka ɗauka farashin yau ne. Sauka ko hawa kuwa ba wanda zai ba ka tabbas. Abin da za a iya faɗa maka shi ne, idan don ajiya za ka saya, a misalinmu sai farashin saye ya tashi daga 1,480 zuwa 1,520 kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Wato ka ji an ce dala ta hau da naira 30 ka yi murna, alhali in ka sayar a ranar kana cikin asarar naira 10 a kan kowace ɗaya.

Ummi_Manchester
Mu masu turo kuɗi gida namu ya fi ɓuya, domin lamba ɗaya kawai muke gani a manhaja, babu ta biyu da za a kwatanta. Wani kamfani zai rubuta babu kuɗin turawa, wani ya ce fam 4. Kowa sai ya ruga wurin na kyauta.

A ɗauka tsakiyar fam naira 2,000 ce, ana so a fitar da fam 500 gaba ɗaya daga aljihu. Kamfani na farko ba ya karɓar komai amma farashinsa 1,950, sai naira 975,000 ta isa gida. Na biyu ya cire fam 4, saura 496, farashinsa 1,995, sai 989,520 ta isa. Mai cewa kyauta ya ci naira 25,000 daga miliyan ɗayan da tsakiya za ta bayar, mai karɓar kuɗi ya ci 10,480. Bambanci 14,520 a turawa ɗaya, ga wanda ke turawa kowane wata kuwa ya haura dubu ɗari da saba'in a shekara.

Amma ba kullum mai karɓar kuɗi ne ya fi ba. A fam 50, na farko zai kai 97,500, na biyu 46 sau 1,995, wato 91,770. Kuɗin turawa a tsaye yake, ya fi nauyi a kan ƙaramin kuɗi, ita kuwa tazara girma take tare da kuɗin. Da waɗannan lambobin suna haɗuwa ne a wajen fam 177. Ni abin da nake duba ɗaya ne:

```
ainihin farashi = nairar da ta isa hannu ÷ duk abin da ya fita daga aljihu
```

A fam 500 na farko ya ba da 1,950, na biyu 1,979. Kuma a duba su a cikin minti ɗaya, don farashin safe ba na yamma ba ne. A kula da farashin maraba da ake ba sabon shiga, turawar farko kaɗai yake yi wa aiki.

Injiniya_Kabir
Yaya Ummi, ina ake samun tsakiyar da kike awo da ita? Idan wadda ake gani a intanet ce, ai ta manyan bankuna ce, ba wanda zai ba mutum ita. Kuma ga naira, lokacin da kasuwa biyu suka yi nisa da juna, lambar intanet ta hukuma take bi, sai ka ga kamar Wapa ta fi tsakiya kyau ga mai sayarwa. Ina da ja a kan maganar Nura ma. Tsakiyar ɗan canji ɗaya ba tsakiyar kasuwa ba ce. Wanda ke neman dala ruwa a jallo zai ɗaga farashinsa duka biyu, ya ce 1,495 da 1,525. Wanda ta yi masa yawa zai sauke, ya ce 1,470 da 1,510. Na farko tazararsa 30, na biyu 40, amma mai saye wurin na biyu ya kamata ya je duk da tazararsa ta fi faɗi.

Nura_Akanta
Gyaran nan a wurinsa yake, Injiniya. Faɗin tazara yana gaya maka halin kasuwa da halin mai canjin, amma wajen zaɓe lambar ɓangarenka kaɗai za ka kwatanta. Amfanin tsakiya shi ne ka san nawa abin ya ci, ba wurin wa za ka je ba. A misalinka, mafi kyawun saye 1,495 ne, mafi kyawun sayarwa 1,510, to tazarar kasuwar ga mai yawo da ƙafarsa 15 ce kacal. Shi ya sa idan za ka tambaya kada ka fara da faɗin abin da ke hannunka. Ka ce nawa kake saye, nawa kake sayarwa, ya faɗi biyun, sannan ka faɗi naka da yawansa.

Ummi_Manchester
@Injiniya_Kabir, don zaɓe tsakanin kamfani biyu ba na ma buƙatar tsakiya, nairar da za ta isa ta wadatar. Tsakiya tana amfani ne idan kamfani ɗaya ne a gabanka kana son sanin ko ya yi tsada.

Ɗan_Maraɗi
Salamu alaikum. A bakin iyaka, Jibiya, Illela da Ƙonni, Maigatari, akwai wani tarko daban: ta wane ɓangare aka faɗi farashin. Wani zai ce maka jika ɗaya ta sefa, wato faran 1,000, saye naira 2,450, sayarwa 2,550. Wani kuma ya juya ya ce naira 1,000 tana ba da faran 392, ko kuma sai ka kawo faran 408 kafin a ba ka naira 1,000. Ciniki ɗaya ne sak, amma a faɗi na biyu mai naira ƙaramar lamba ce tasa, alhali a faɗi na farko babba ce tasa. Wanda ya haddace cewa mai naira kullum babbar lamba yake biya sai ya rikice. Ka tambaya a fili: ga naira kaza, sefa nawa za ka sa mini a hannu?

Akwai hanyar auna sefa. A ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999. In yuro tana naira 1,640 a tsakiya, ka raba da 655.957, faran ɗaya ya zama naira 2.5, jika 2,500. Farashin iyaka ba ya zama daidai nan kullum, don yana bin kaya: ranar kasuwar dabbobi da 'yan Najeriya ke neman sefa su biya, sai ta yi sama. Amma in aka faɗa maka abin da ya yi nisa da wannan lissafi ƙwarai, ka je rumfa ta gaba.

Sani_Garwa
A ƙara da cewa sefa biyu ce. Tamu ta Kamaru da Cadi bankin BEAC ke bugawa, ta Nijar da Benin BCEAO. Dukansu 655.957 ne a kan yuro, amma takardar Garwa ba ta sayen kaya a Maraɗi, sai an canza, kuma mai canjin zai cire nasa duk da cewa a lissafi ɗaya da ɗaya ne. Mutane na mamakin a kawo jika goma a ba su ƙasa da goma.

Malama_Hauwa
Ina bin muhawarar tun farko, abin da ke raina shi ne hukunci. Mutum ya sayi kuɗi a 1,480 ya sayar a 1,520, wannan ƙarin ba ya shiga riba ta haramun?

Malam_Tanko_Gwale
Malama, abin da malamai suka tafi a kai shi ne idan jinsin kuɗi biyu ya bambanta, kamar naira da dala, ya halatta a sayar yadda aka daidaita, da sharaɗin hannu da hannu a zama ɗaya. Asalin wannan hadisin Ubada ɗan Samit ne da Muslim ya ruwaito a kan zinariya da azurfa da sauransu. To tazarar kanta ribar ciniki ce. Inda matsala take shi ne jinkiri: a ba ka dala yau ka biya naira mako mai zuwa, ko a canza naira da naira da ƙari. A kan taransifa, da yawa daga malaman zamani suna ɗaukar shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. Amma idan an miƙa dala kuma kuɗin ya maƙale bai shiga ba sai gobe, wannan a kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki da cikakken bayanin yadda aka yi.

Baba_Wapa
Ko ta fuskar kasuwa jinkirin nan shi ne mafarin yawancin rigima. An daidaita a 1,480 da azahar, kuɗi bai shiga ba, da safe kasuwa ta koma 1,450, sai mai biya ya ce farashin yau zai bi. In ta hau kuma mai dala ya ce a ƙara masa. A faɗi tun farko cewa farashin lokacin da aka daidaita ne, a rubuta a saƙon waya, kuma kada dala ta bar hannu sai an ga kuɗi a cikin asusu ta manhajar banki, ba a hoton rasit ko saƙon alat kaɗai ba.

Sadiq_Fagge
Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya da ban gane ba. Idan Baba ya ce babban kuɗi na samun tazara siririya, daga nawa ake fara ragewa? Kuma mutum biyar masu dala 400 kowanne, in suka haɗa ta zama 2,000 suka je tare, za a ba su farashin mai 2,000?

Baba_Wapa
Babu wata iyaka a rubuce, ya danganta da buƙatar mai canjin a ranar. Haɗawa tana aiki muddin ciniki ɗaya ne, takardu masu kyau, biya ɗaya zuwa asusu ɗaya. In kuka ce a tura wa kowa nasa a asusu biyar, kun mayar da shi ciniki biyar. A lambobinku, in aka ƙara muku naira 5 a kan 2,000, dubu goma ce, dubu biyu kowanne.

Auwal_Kwari
In har ana iya ƙara naira 5 don an ga kuɗi da yawa, to da ma akwai wurin ragewa tun farko. Mai dala 100 shi ke biyan cikakkiyar tazara, kuma shi ne mafi ƙarancin hali.

Injiniya_Kabir
Aikin duba takarda, ƙirga da turawa kusan ɗaya ne ko 100 ce ko 2,000, shi ya sa yake nauyi a kan ƙarami, kamar fam 4 ɗin Yaya Ummi. A dala 100 naira 20 ɗin ta zama 2,000 ke nan gaba ɗaya. Ko ta yi yawa ga aikin minti biyar, wannan ni da Auwal ba za mu daidaita ba. @Sani_Garwa, tsakanin sefar Kamaru da ta Nijar kashi nawa ake cirewa a wajenku yanzu, kuma a Garwa ya fi sauƙi ko sai an shigo Mubi?